Bin Sawun Kuɗin Haraji: Yadda Tambayoyin Malaman Tarihi Suka Sauya

Shekaru masu yawa, ɗalibin tarihi a Arewacin Nijeriya ya san tambayar da ke jiransa a ɗakin jarrabawa: ka bayyana dalilan da suka sa mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya yi nasara a Arewa. Amsar ma ya haddace ta. Lugga ya tarar da sarakuna da alƙalai da tsarin karɓar haraji, sai ya bar su yadda suke. Tambayar ta riga ta yanke hukunci tun kafin ɗalibi ya ɗauki alƙalami, domin ta ɗauka cewa an yi nasara, ta kuma ɗauka cewa babu abin da ya canza sai wanda ke bisa karaga.

Ba daga sama wannan tambaya ta faɗo ba. Waɗanda suka fara rubuta tarihin lokacin su ne waɗanda suka yi mulkin, wato Razdan da Di'o, kuma rahotanninsu ne suka cika Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Kaduna. Sauyi ya zo ne daga Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda Abdullahi Smith ya dage cewa kowace takarda sai an tambaye ta wa ya rubuta ta, kuma don me. Shi ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Daga baya Adamu Fika ya fitar da littafinsa kan basasar Kano da mulkin Ingilishi a 1978, Mahmud Tukur kuma ya kammala digirinsa na uku a 1979 kan yadda aka ƙaƙaba mulkin mallaka a Sakkwato da Borno. Bayan ayyuka irin waɗannan, malami ba ya iya cewa an bar komai yadda yake.

To, yaya mai tsara tambayoyi zai yi yau, ko don ɗalibai ko don hira da dattawa? Hanyar da ta fi ba da amfani ita ce ya bi sawun kuɗin, daga hannun manomi har inda suka kwana. Ƙasar Kano ta isa misali.

Tambayar farko dole ta koma kafin 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano: me magidanci yake biya, kuma wa yake bai wa? Wanda ya tsallake wannan mataki zai kai ɗalibi ga kuskuren cewa Nasara ne ya kawo haraji. Da can akwai zakka ta hatsi, akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin rafi a kan noman fadama, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu. Ana biya da wuri ko da dami. Hakimi kuwa a birni yake zaune kusa da fada, garuruwansa a warwatse, ɗaya gabas ɗaya yamma, jakadunsa ne ke zuwa karɓo masa rabonsa.

Sai tambaya ta biyu, wadda a nan ne aikin yake da daɗi: wa ya tashi daga wurinsa? Zamanin Sarki Abbas da Razdan Cargill, aka tattara garuruwan nan da ke warwatse aka yanka gundumomi masu iyaka, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya tare a gundumarsa. Jakada ya rasa gurbinsa a tsarin hukuma. Sarka ta miƙe: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, Razdan. Mai tsara tambaya da ya san aikinsa ba zai ce "faɗi ayyukan hakimi" ba, don wannan hadda ce kawai. Zai ce ɗalibi ya nuna abin da talaka ya samu da abin da ya rasa da hakimi ya dawo kusa da shi. Amsar tana da fuska biyu. Masu cin rabo a hanya sun ragu, amma ga hakimi da dawakinsa da barorinsa sun zauna a ƙasar da za ta ciyar da su, kuma idon hukuma ya iso ƙofar kowane gida.

Daga nan a tambayi yadda ake yanka kuɗin. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta nufi haɗe tsofaffin biye-biye su zama haraji guda. A ƙasashen da ke kewaye da birnin Kano an yi amfani da taki, inda malamai ke auna tsawo da faɗin gona da ƙafa, a yanka wa mai ita gwargwadon girmanta. A wasu wurare kuwa jimla ake ɗora wa gari, dagaci ya raba a kan mazaje baligai. Ɗalibin da aka ce ya kwatanta hanyoyin nan biyu zai gano da kansa inda zalunci ke samun ƙofa: a taki, malamin awo na iya tsawaita takunsa ga wanda ya gaishe shi, a jimla, idan mutum ya gudu ko ya mutu, kasonsa na iya faɗawa kan maƙwabta.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: da wane irin kuɗi ake biya, kuma a wane lokaci? Gwamnati ta daina son wuri, sule take so. Manomi kuwa ba ya noma sule. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu kasuwa daga 1912, haraji kuma ana neman sa bayan kaka. Ɗalibi ya haɗa waɗannan uku zai ga abin da ya tura mutane noman gyaɗa, ko sayar da hatsi lokacin da ya fi araha, ko tafiya cin rani. A ba shi lissafi ya yi: idan harajin bai motsa ba, farashin gyaɗa kuma ya faɗi da rabi, manomi zai kai ninki biyu kan sikeli kafin ya karɓi rasit. Irin wannan matsi ne mutane suka shiga da kasuwar duniya ta karye bayan 1929.

Inda kuɗin suka kwana bai buƙatar dogon zance. Razdan Palmer ya fara Baitulmali a Katsina, tsarin ya bazu, gwamnati ta ɗauki rabi a manyan masarautu, sarki da hakimai suka koma masu albashi. Wanda ke karɓar albashi kuwa ana iya tuɓe shi, kuma gibin haraji na cikin manyan dalilan tuɓe hakimai da dagatai.

Akwai tarko biyu da masu wannan aiki suka sha gargaɗin juna a kai. Rahoton Di'o da ya ce an tara haraji ba tare da wahala ba, ba shaida ce cewa talaka bai wahala ba, don mai rahoton ta fassarar tafinta da bakin hakimi ya ji. Gara a ba ɗalibi rahoton ya nemo muryar da babu a cikinsa. Dattijo kuma idan ya ce "zamanin Turawa", sau da yawa yana haɗa shekarun En'e na ƙarshe da abin da ya ji daga kakansa. Alamar ita ce ya ambaci 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a 1950, a cikin labarin da ya ce na zamanin Abbas ne, wanda ya rasu a 1919. Mai hira sai ya ɗaure kowace amsa da wani abu sananne: sarautar wane hakimi, kafin wace yunwa ko bayanta. Kada kuma ya ce "ashe kun sha wuya?", ya ce "wa ya zo karɓa, me kuka sayar?"

Tambayar rufewa a kan kai ta har 1979, lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ana neman ɗalibi ya bayyana dalilin da ya sa harajin ya rayu shekara goma sha tara bayan tafiyar Turawa, da kuma abin da dagaci da hakimi suka rasa na iko ranar da aka daina karɓarsa.