Kuskuren da mai dubawa bai iya maimaitawa ba

Abin da ke ɓata min rai da sababbin shiga aikin gwajin manhaja shi ne yadda suke ɗauka cewa ganin kuskure ake biya. Matashi a Maraɗi ko Tasawa zai buɗe manhaja a salularsa, ya ga ta maƙale, ya ɗauki bidiyo na daƙiƙa ashirin ya tura, in aka ƙi rahoton ya ce an ci haƙƙinsa. Tun da aka kafa uTest a Amurka a 2007, kamfanin da ya ɗauki sunan Applause a 2014, abin da ake saye shi ne hanyar da wani mutum can nesa zai bi ya sake haifar da kuskuren da hannunsa. Mai tace rahotanni, wanda ake kira TTL, zai bi matakan da ka rubuta, kafin mai manhajar ya yanke ko kuskuren mai daraja ne ƙwarai ko mai ɗan amfani, kuma a kan wannan hukunci kuɗinka da matsayinka na Bronze, Silver ko Gold suke hawa ko su sauka.

Mu tsofaffin hannu da kebul muka koyi aikin. Kafin a taɓa manhaja sai an haɗa waya da kwamfuta, a share tsohon bayani, sannan a fara naɗar abin da wayar ke faɗa wa kanta:

```
adb logcat -c
adb logcat -v time > log.txt
```

Sai a sake haifar da kuskuren, a duba agogo a rubuta lokacin da ya faru, don injiniya ya je kan layin kai tsaye. Wannan ɗabi'a ce ta koya wa mutum tambayar kansa, shin manhajar ce ta lalace, ko wayata ce ta cika? Yau maɓallin naɗar fuskar waya ya sa tambayar ta ɓace.

A ɗauki shafin rajista da ke neman lambar waya. Mai gwaji ya zaɓi Nijar, +227 ta fito, ya sa lambarsa mai alƙaluma 8, shafin ya ce lambar ba daidai ba ce. Sabon shiga zai rubuta cewa rajista ba ta aiki, mai dubawa kuma ya gwada da lambar ƙasarsa, ta wuce lafiya, ya ƙi rahoton. Gogagge zai ƙara alƙaluma biyu na banza ya ga ko shafin zai karɓa. In ya karɓi 10, to da alama an ɗora wa Nijar ƙa'idar Najeriya, mai +234 da alƙaluma 10, ruɗanin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Rahotonsa zai faɗi samfurin wayar, sigar Android da ta manhajar, matakai ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ya faru da abin da ya faru, har da gwajin alƙaluma 10. Kuskure ɗaya ne, amma rahoto na biyun ya nuna wa injiniya inda zai gyara, ya kuma nuna cewa ƙasa guda ce aka rufe wa ƙofa, shi ya sa darajarsa take hawa.

Za a ce ai bidiyo ya nuna komai. Bai nuna sigar manhaja ba, bai kuma nuna ko kan Airtel ake, ko Moov, ko Zamani ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta gaggawa: wanda ya riga tura kuskure shi ake biya, na bayansa a ce maimaici ne, don haka mai tsayawa bincike yana iya tashi a tutar babu. Wannan gaskiya ne, kuma kamfanonin ne suka shirya tseren, bai kamata a ɗora wa yara laifin duka ba. Sai dai rahoton da aka ƙi yana rage maki, makin kuma shi ke jawo gayyata zuwa aiki na gaba, don haka mai gaggawa kasuwarsa yake kashewa.

Inda nake ganin ana cutar mai gwajin karkara shi ne kuskuren da raunin rezo ke tonawa. A wuri kamar El Alasan Mairairai, cikin yankin Mayahi, in rezo ya ɗauke ana tsakiyar tura buƙata, manhaja mara kyau tana iya tura ta sau biyu, ko ta yi ta juyi ba iyaka. Mai dubawa da ke zaune kan intanet mai ƙarfi ba zai taɓa gani ba, sai ya rubuta cewa bai maimaitu ba. Maganin shi ne a mai da raunin rezon mataki da kowa zai iya bi: a danna tura, a kunna yanayin jirgin sama nan take, a kashe bayan daƙiƙa goma, a sake dannawa, sannan a haɗa da log.txt da lokacin da abin ya faru.