Gauraya Tambayoyin Atisaye a Lissafin Injiniyanci

Malamin da ya saba duba takardun jarrabawar lissafi a tsangayar injiniyanci ya san irin ɗalibin da ke cinye aikin gida duka, amma ya daskare a zauren jarrabawa. Wannan maƙala na ganin cewa babban dalilin hakan yana cikin yadda muke jera tambayoyin atisaye. An saba a koyar da hanya guda, a biyo ta da tambaya goma duk irinta. Kan babin ya riga ya faɗa wa ɗalibi hanyar da zai bi, saboda haka bai taɓa gwada aikin da ya fi wuya ba, wato gane wace hanya ce ta dace da tambayar da ke gabansa.

Akwai hujja a kan wannan. A shekarar 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor sun koya wa ɗaliban jami'a yadda ake lissafa girman cikin siffofi huɗu. Waɗanda suka yi atisaye rukuni-rukuni sun ci kashi 89 cikin ɗari a lokacin atisayen, waɗanda aka gauraya wa kuwa kashi 60 kawai. Bayan mako guda aka yi gwaji, sai reshe ya juye da mujiya: 'yan gauraye suka sami kashi 63, 'yan rukuni kashi 20. Ke nan makin da ɗalibi ya ci yayin atisaye ba ya nuna abin da ya zauna masa a ka.

Mu ɗauki misali daga ikweshan na difarenshal masu mataki na farko:

```
(1) dy/dx = xy
(2) dy/dx = x + y
(3) dy/dx = y + xy²
```

A ido sun yi kama, amma kowace da ƙofarta. A ta farko ana raba harufa, y gefe guda x gefe guda, a sami y = Ce^(x²/2). Ta biyu ba ta rabuwa, domin tarawa ce ta haɗa x da y; sai an mai da ita dy/dx − y = x, an ninka ko'ina da e^(−x), sannan a sami y = Ce^x − x − 1. Ta uku kuwa y² ya sa ta zama ta Bernoulli, sai an sauya v = 1/y kafin ta koma irin ta biyu. Ɗalibin da ya kwana yana raba harufa zai yi ƙoƙarin raba ta biyu da ƙarfi, kuma ba zai san bambancin ba sai ya ga ukun a shafi guda.

Daga nan ake fitar da tsarin takardar. Idan tambayoyi goma sha biyu ne, huɗu su zama na darasin makon, takwas daga makonnin baya. A cire kanun da ke ambata hanya, kuma kada tambayoyi biyu masu hanya ɗaya su zo a jere. A zaɓi waɗanda ɗalibai ke rikitawa, domin a nan gaurayen ya fi amfani. A sa wasu cikin rigar aiki: tankin da ruwa ke zuba ta ƙasansa, dh/dt = −k√h, na rabuwa ne, da'irar lantarki kuma, L di/dt + Ri = V(t), tana bin hanyar ta biyu. Sannan a buƙaci ɗalibi ya rubuta layi guda kafin ya fara: hanyar da ya zaɓa da alamar da ya gani.

Wannan layin shi ke nuna wa malami inda ciwon yake. Idan zaɓin ne ya karkace, ɗalibin na buƙatar ƙarin gauraye. Idan zaɓin daidai ne amma ya ɓace a tsakiyar aiki, to hanyar ce ba ta zauna ba, sai a ba shi wasu tambayoyi irinta a jere.

Tsarin yana da iyaka. Ranar da aka fara koyar da hanya, misali biyu ko uku a jere wajibi ne, don ba a zaɓa tsakanin abubuwan da ba a iya ba. Haka kuma dole amsoshi su dawo da wuri, in ba haka ba kuskuren zaɓi ya zama ɗabi'a. Ɗalibai za su koka cewa aikin ya yi nauyi, makinsu na mako ma zai ragu, don haka a bayyana musu dalili tun farko, kuma a sassauta nauyin makin aikin gida.

Ina kira ga malaman lissafi a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha su fara da kwas guda. Tambayoyin suna nan a hannunsu, sake jera su kawai ake buƙata.