Gajeren bidiyon tallar fitila mai aiki da hasken rana

Gajeren bidiyon tallar fitilar sola shiri ne na kimanin daƙiƙa 45, wanda ake rubuta wa tsari kafin ɗauka. A unguwa irin Ƙofar 'Yandaka ta birnin Katsina, matsala guda ake zaɓa: an ɗauke wuta bayan magariba, uwargida na tuƙa tuwo. Daƙiƙa goman farko na duhu ne da lalube, sannan a kunna fitilar, hasken ya sauka kan tukunya, kyamara ba ta motsa ba.

Wani kuskure da ake yi shi ne barin wayar ɗauka ta ƙara haske da kanta, sai duhun ya ɓace, bambancin ya ƙi fitowa. Fitowa ta ƙarshe takan nuna faifan sola na fitilar a rana, an goge masa ƙurar hunturu.