Ƙwan wata, maniyyin wani, hayar mahaifa: inda addini da doka suka ja iyaka

Ma'auratan da suka jima ba su samu haihuwa ba, idan magani ya gagara a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, wasunsu sukan haɗa kuɗi su nufi asibitocin waje. Can ne akan gabatar musu da zaɓin da ba su yi zato ba: a karɓo ƙwai daga wata mace, ko maniyyi daga wani namiji, ko a samu wadda za ta ɗaukar musu cikin. Wajen likita duk aiki ɗaya ne. Wajen malamai da alƙalai kuwa, tambayar ita ce: ɗan wa za a haifa?

Yadda aikin yake

Tushensa shi ne dashen ciki, wanda likitoci ke rubutawa FIV a takardunsu. Ta wannan hanya aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978. Ana yi wa mace allurai kwana 10 zuwa 12 domin ƙwayayenta su nuna da yawa, a ciro su da siririyar allura, a haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa, a auna jini bayan kamar mako biyu.

Abu uku ake buƙata: ƙwai, maniyyi da mahaifa. Idan ɗaya ya gaza ne ake maganar mutum na uku. Ƙwan mace yana rage inganci tun daga shekara 35, bayan 42 kuma da wuya a dace da shi, alhali mahaifarta na iya riƙe ciki. Shi ya sa ake ba ta shawarar karɓar ƙwan mai ƙuruciya.

Matsayin malaman Sunna

A 1980 muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar da ta zama madogara: dashen ciki halal ne muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aurensu yana nan. Shigar mutum na uku haramun ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a taronta na Amman a 1986.

Dalilin shi ne kare nasaba, domin a kanta gado yake, da waliccin aure, da sanin wanda ya haramta a aura. Namiji ɗaya da ya ba da maniyyi yana iya samun ƴaƴa a gidaje da dama, su girma ba su san juna ba. Sharaɗin aure kuma yana nufin ɗan tayin da aka daskarar ba a dasa shi bayan saki ko rasuwar miji.

Idan kishiya ce za ta ɗauka fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kusa da gidajen Hausawa. A ɗauka an cire wa uwargida mahaifa bayan doguwar naƙuda, amma ƙwayayenta lafiya lau suke. Amarya ta yarda a dasa mata ɗan tayin uwargida da maigida. Ba baƙon namiji a ciki, duk ƙarƙashin miji ɗaya suke.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta wannan a 1984 idan akwai larura. Ta ce mai ƙwan ita ce uwa, wadda ta ɗauki cikin kuma hukuncinta kamar na uwar shayarwa ne. A 1985 majalisar ta sake zama, ta janye halaccin.

Ga abin da ya sa. Amarya matar aure ce, tana da kwanan girkinta, kuma tana iya sakin nata ƙwan a daidai lokacin dashen. Idan ta haifi tagwaye, wanne ne nata, wanne ne na uwargida? Idan ɗaya ta haifa, na dashen ne ya zauna ko nata? Uba sananne ne, amma uwa ta shige duhu. Ranar da yaron ya rasu ya bar dukiya da ƴaƴa, uwarsa tana da sudusi, to wace ce za ta karɓa? Kuma idan amarya tana da ɗiya da tsohon miji, ƴar'uwarsa ce mai haƙƙin gado ko a'a?

Yau gwajin kwayoyin halitta yana iya nuna mai ƙwan, amma bai kashe gardamar ba. Wasu malamai, bisa aya ta 2 ta Suratul Mujadala, suna ganin wadda ta haifa ita ce uwa ko da ƙwan ba nata ba ne. Wasu suna ganin mai ƙwan ce. Tunda an rasa matsaya ɗaya a kan uwa, mafi yawa suka zaɓi a rufe ƙofar.

Inda aka saɓa

A Iran, Ayatullahi Khamenei ya ba da fatawa a 1999 wadda ta ba da damar karɓar ƙwai da maniyyi bisa sharuɗɗa, sannan a 2003 aka yi dokar ba da kyautar ɗan tayi ga ma'aurata. Ba duk malaman Shi'a suka bi shi ba, musamman a kan maniyyi. Cocin Katolika ta fi kowa tsanantawa: takardar da fadar Fafaroma ta fitar a 1987 ta ƙi dashen ciki baki ɗaya, ko da tsakanin miji da mata ne.

Abin da dokoki suka ce

Dokar Tunisiya ta 2001 ta bi sawun fatawar: ba kyautar ƙwai, ba kyautar maniyyi, ba hayar mahaifa. Faransa ta raba abin biyu. Ana ba da ƙwai da maniyyi kyauta, ba sayarwa, kuma dokar 2021 ta ba yaron damar sanin wanda ya bayar idan ya kai shekara 18. Hayar mahaifa kuwa, wadda suke kira GPA, dokar 1994 ta ce duk yarjejeniyar da aka ƙulla a kanta banza ce. Indiya, wadda ta daɗe tana karɓar baƙi don wannan, ta hana yin sa don kuɗi a 2021, bayan koke-koken cewa mata matalauta ne ke ɗaukar haɗarin ciki da tiyata domin masu hali.

Abin da ya rage cikin aure

Kafin a kai ga maganar baƙo akwai abin dubawa. Namijin da gwaji ya nuna babu ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsa, wani lokaci hanya ce ta toshe. Ana iya ciro ƴan kaɗan kai tsaye daga maraina, a cusa guda ɗaya cikin ƙwan matar da allura. Wannan dabara, ICSI, an fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992, kuma ba ta fita daga sharaɗin malamai ba. Takardar amincewar da asibiti ke bayarwa ita ma abin karantawa ce a tsanake, domin a cikinta ake rubuta asalin ƙwai da maniyyin, da makomar ƴan tayin da suka saura.

Idan duk wannan ya ƙi, akwai riƙo, wanda Hausawa suka sani tun kaka da kakanni: a ba mace ɗan ƙanwarta ko na ɗan'uwan mijinta ta raina. Yaron yana riƙe sunan ubansa, ba ya gadon mariƙinsa, amma ana iya yi masa kyauta da rai, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.