Jimillar Abin da Za a Biya a Matsayin Ma'aunin Kwatanta Tayin Rance: Nazari a kan Tayi Uku na Naira 500,000

Tsakure

Wannan maƙala ta gwada ma'aunai uku da mai neman rance ke amfani da su wajen zaɓen tayi: kuɗin ruwan da aka tallata, biyan wata-wata, da jimillar abin da za a biya. An ƙera tayi uku na naira 500,000 bisa tsarin da aka saba gani a kasuwar ƙananan rance ta Nijeriya, aka lissafa kowanne har ƙarshensa. Sakamakon ya nuna tayin da ya fi ƙarancin ruwa a talla, kuma ya fi sauƙin biyan wata, shi ne ya fi cin kuɗi, yayin da mai ruwa mafi yawa a talla ya fi araha. An kuma gano wurare biyu da jimillar kanta take gazawa: idan wa'adin tayin ya bambanta, da idan an riƙe wani kaso na rancen a matsayin ajiyar dole.

Gabatarwa

Ɗan kasuwan da ya shiga ƙaramin banki neman jari yakan yi tambaya biyu: nawa ne ruwan, kuma nawa zan riƙa biya a wata? Duka biyun suna da amsa mai daɗin ji, domin mai ba da rance yana iya rage kowanne daga cikinsu ba tare da ya rage ribarsa ba. Ruwa yana raguwa a takarda idan aka sauya tushen da ake lissafa shi a kai, biyan wata kuwa yana raguwa idan aka tsawaita wa'adi.

Hukumomi sun daɗe da sanin haka. Amurka ta yi dokar bayyana gaskiyar rance a 1968, wadda ta tilasta faɗin ruwan shekara da ya haɗa da caje-caje. A ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ciki har da Nijar, an sa iyaka a 2014 ta kashi 15 cikin 100 ga bankuna da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin kuɗi, kuma ana auna iyakar da cikakken ruwan shekara wanda caje-caje ke ciki. A Nijeriya, jagoran caje-caje na Babban Banki da ya fara aiki a Janairun 2020 ya bar yawan ruwa ga ciniki tsakanin banki da mai karɓa, amma ya ƙayyade kuɗin kula da rance kada ya wuce kashi 1 cikin 100, a karɓa sau ɗaya.

Sai dai bayyana kaso bai isa ba idan mai karɓa da naira yake tunani. Marianne Bertrand da Adair Morse sun yi gwaji a shagunan rancen albashi na Amurka, wanda aka buga a 2011. Waɗanda aka nuna wa yadda caji ke taruwa da dala cikin watanni sun rage karɓar rancen da kusan kashi 11 cikin 100 a watanni huɗu da suka biyo baya. Wannan ne ya sa maƙalar ta ɗauki jimilla da muhimmanci.

Hanyar bincike

Tayin ukun na gwaji ne, ba na wani banki ba. Na farko: ruwa kashi 3 a wata a kan uwar kuɗin da aka karɓa tun farko, wata 12, ana cire naira 10,000 ta caji da inshora kafin kuɗi su shigo. Na biyu: kashi 4 a wata a kan ragowar bashi, wata 12, caji naira 5,000. Na uku: kashi 2.5 a wata a kan uwar kuɗi, wata 24, caji naira 10,000.

An lissafa biyan wata na tayi na biyu da wannan ƙa'ida, inda P ke nufin uwar kuɗi, r ruwan wata, n adadin watanni:

```
biyan wata = P × r / (1 − (1 + r)^−n)
```

Tsadar rance kuwa ita ce jimillar abin da ya fita daga hannun mai karɓa, a debe abin da ya shigo hannunsa a zahiri. Ruwan gaskiya na wata shi ne kason da, in aka ɗora shi a kan ragowar bashi, zai daidaita abin da ya shigo da jerin biyan.

Sakamako

| Tayi | Ruwan talla | Biyan wata | Jimillar biya | Abin da ya shigo | Tsada |
|---|---|---|---|---|---|
| Na farko | 3% | 56,667 | 680,000 | 490,000 | 190,000 |
| Na biyu | 4% | 53,276 | 639,313 | 495,000 | 144,313 |
| Na uku | 2.5% | 33,333 | 800,000 | 490,000 | 310,000 |

Wanda ya bi ruwan talla zai ɗauki na uku, ya ajiye na biyu a ƙarshe. Wanda ya bi biyan wata shi ma na uku zai ɗauka. Jimilla ce kaɗai ta kifar da jerin.

Kwatancin da ya fi ƙarfi shi ne na farko da na biyu, tunda wa'adinsu ɗaya ne. Me ya sa kashi 3 ya fi kashi 4 tsada da sama da naira 45,000? A tayi na farko, mai karɓa yana mayar da naira 41,667 ta uwar kuɗi kowane wata, amma ruwan bai san da haka ba: naira 15,000 ce a watan farko, ita ce kuma a wata na goma sha biyu. A wannan wata na ƙarshe, abin da ya rage a kansa naira 41,667 ne kacal, sai ga shi ya biya 15,000 a kanta, wato kashi 36 cikin 100 a wata guda. Idan aka duba shekarar gaba ɗaya, matsakaicin abin da ke hannunsa naira 270,833 ne, ruwa kuwa ana ƙirga shi kamar 500,000 ɗin na nan cik. Tamkar mutum ne ya kama hayar ɗaki goma sha biyu, yana mayar da makullin ɗaki ɗaya duk wata, amma kuɗin hayar bai ragu ba.

A tayi na biyu ruwan watan farko ya fi yawa, naira 20,000, saboda haka 33,276 kawai ke zuwa ga uwar kuɗi. Daga nan ruwa yana sauka tare da bashin, har ya kai kusan naira 2,049 a watan ƙarshe. Da aka juya duka zuwa ruwan gaskiya na wata, tare da caje-caje, na farko ya tashi kusan kashi 5.4, na biyu kusan 4.2. Akwai hanyar gane tsarin ko da ma'aikacin banki bai faɗa ba: a nemi jadawalin biya, a duba layin ruwa. In adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, a kan uwar kuɗi ake lissafi.

Inda jimilla take gazawa

Tayi na uku yana da wuyar hukunci fiye da yadda teburin ya nuna. Tsadarsa naira 310,000 ce, ta farko 190,000, sai a ce na farko ya fi araha. Amma ruwan gaskiya na tayi na uku kusan kashi 4.4 ne a wata, ƙasa da 5.4 na tayi na farko. Babu saɓani a nan. Mai tayi na uku ya riƙe kuɗin tsawon shekara biyu, ya sayi lokaci mai yawa a farashi mai ɗan sauƙi. Ko lokacin yana da amfani gare shi, sana'arsa ce za ta faɗa. Mai sayen hatsi da kaka don ya sayar da bazara bai buƙatar wata 24, duk watan da ya wuce lokacin sayarwarsa ruwa yake biya a banza. Mai sayen injin niƙa da ribar wata ba ta kai naira 56,667 ba, tayi na farko zai jefa shi cikin tarar jinkiri, wadda ba ta cikin kowace jimilla da aka rubuta masa. Hauhawar farashi ma tana da ta cewa: a Disamban 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Nijeriya, kuma a irin wannan yanayi nairar da za a biya bayan shekara biyu ta fi ta yau sauƙi, in dai kuɗin shigar mai biya suna tashi tare da farashi. Ga mai albashin da bai motsa ba, wannan hujja ba ta aiki.

Abin da marubucin ya fahimta shi ne jimilla hukunci ce mai yankewa idan adadi da wa'adi ɗaya ne. In wa'adi ya bambanta, a nemi kowane mai ba da rance ya sake lissafin tayinsa a kan watannin da ake buƙata, sannan a kwatanta. Tayi na uku a wata 12 zai zama ruwa naira 150,000 da caji 10,000, tsada 160,000, wato ya fi na farko sauƙi amma har yanzu bai kai na biyu ba.

Gazawa ta biyu ta fi ɓoyuwa. Wasu ƙananan bankuna suna riƙe kaso na rancen a matsayin ajiyar dole, su mayar bayan an gama biya. A ce tayi na farko ya riƙe naira 50,000. Tsadar ba za ta motsa daga 190,000 ba, tunda kuɗin za su dawo, amma abin da mai karɓa ya juya a kasuwa naira 440,000 ne, kuma ruwan gaskiya ya hau kusan kashi 6.5 a wata. Saboda haka kada a rubuta jimilla ita kaɗai. A ajiye kusa da ita adadin da ya shigo asusu ranar farko.

Ga masu gudun riba, tsarin murabaha da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suke amfani da shi yana faɗin jimilla tun daga farko, domin banki ne ke sayen kaya ya sayar a kan farashi sananne. Wannan ya sauƙaƙa kwatance, amma bai ɗauke buƙatarsa ba: injin naira 500,000 da aka sayar 640,000 a wata 12 da wanda aka sayar 680,000, bambancinsu naira 40,000 ne ko da duka biyun sun cika sharuɗɗan shari'a, kuma kafin alƙalamin da ake nema yana rage abin da bankin ya saka a zahiri.

Sauran abin dubawa shi ne biya kafin wa'adi. A tayi na biyu, bayan wata shida ragowar uwar kuɗi kusan naira 279,280 ce, wanda ya biya ta a lokacin ya tsira da kusan 40,400 na ruwa, in ba a sa masa cajin rufewa ba. A tayi na farko wannan ya dogara ga abin da yarjejeniya ta ce, domin akwai masu neman ruwan watannin da suka rage gaba ɗaya, naira 90,000. Mai sa ran samun kuɗi da wuri ya nemi a rubuta masa jimilla biyu kafin ya sa hannu, ta cikar wa'adi da ta rufewa a wata na shida.