Ƙirga da tsaga: me ya sa gogewar -α3.7 ke kuɓuce wa masu bincike

Na'urar karanta DNA irin ta Illumina ba ta karanta kuromosom daga farko har ƙarshe. Guntaye take fitarwa, kowanne mai harufa kamar 150, sannan manhaja irin su BWA-MEM ta jera su a kan jeren ma'auni, wato GRCh38. Idan wani yanki mai dubban harufa ya goge ko ya ninka a jikin mutum, babu guntun da zai faɗa kai tsaye. Shaida iri biyu ake bi: yawan guntayen da suka taru a wuri, wanda ake kira zurfi, da kuma guntayen da suka tsage biyu wajen jerawa. Hujjar wannan maƙala ita ce rashin tsagaggen guntu ba ya wanke samfuri, kuma zurfi ba ya da ma'ana sai an san wane guntu aka ƙirga.

Lissafin zurfi mai sauƙi ne. Ɗan Adam yana da kwafi biyu na kusan kowane yanki. Idan matsakaicin zurfi 30 ne, gogewar kwafi ɗaya za ta sauke shi zuwa 15, ƙarin kwafi ɗaya kuwa ya kai shi 45. Sai dai ƙirgen yana rawa. A tagar harufa 1,000 ana sa ran guntaye 200, da kaucewar kusan 14 sama ko ƙasa, don haka faɗuwa zuwa 100 ba ta ɓuya. A tagar harufa 100 kuwa guntaye 20 kacal ake sa rai, kaucewar ta kusa 5, sai sa'a kawai ta iya kwaikwayon gogewa. Ga kuma yankuna masu yawan G da C, waɗanda zurfinsu kan ragu ba tare da komai ya ɓace ba. Shi ya sa CNVnator ke gyara wannan karkata kafin ta yanke hukunci.

Tsagaggen guntu shi ke nuna bakin yanka. Guntun da ya haye mahaɗar gogewa, kashinsa na farko zai dace da wuri ɗaya, saura ya dace da wani wuri can gaba. A fayil ɗin BAM za a ga `90M60S`: harufa 90 sun zauna, 60 an ajiye su gefe, alamar `SA` kuma ta faɗi inda suka sauka. Idan guntaye da dama suka tsage a harafi ɗaya, an sami iyakar daidai. Manhajojin DELLY da Manta suna dogara da irin wannan shaida, kuma ita ke kama juyewar yanki, wadda ba ta taɓa zurfi.

Gogewar -α3.7, mai haddasa talasemiya ta alfa, ta yawaita a Afirka ta Yamma, kuma tana sauya yadda sikila ke bayyana a jikin mai ita. A kuromosom na 16 akwai HBA2 da HBA1, tagwaye masu kusan jere ɗaya, da tazarar harufa kusan 3,700. Gogewar tana faruwa ne idan tagwayen suka yi musaya a karkace, sai a sami ƙwayar gado guda, kanta na HBA2, wutsiyarta ta HBA1. Guntun da ya haye wannan mahaɗa ba ya tsagewa, domin hagu da dama duk sun yi kama da ma'auni. Zai zauna lafiya lau da `150M`.

Zurfin ma yana ruɗarwa. Guntun da ya dace da tagwayen biyu daidai wa daida, manhaja kan jefa shi ɗaya daga ciki ta ba shi `MAPQ` 0. Mai kwafi uku maimakon huɗu, guntayensa za su rabu a wurare biyu, zurfin kowanne ya zama kusan 22, ba 15 ba, kuma irin wannan ragi ana iya ɗora shi a kan yawan G da C na yankin. Idan kuma aka tace duk guntu mai `MAPQ` 0, sai kowane samfuri, har na mai lafiya, ya fito da rami a wurin.

Mafita ita ce a ƙirga a ɓangaren yankin da ke tsakanin tagwayen wanda ba shi da kama a kusa, a kwatanta shi da gefunan da gogewar ba ta taɓa ba, da kuma sauran samfuran da aka karanta tare. Nan ne 30 ke komawa 15 a mai gogewa ɗaya, kusan sifili a mai biyu, 45 a mai kwafi biyar.

Wani zai ce guntaye masu tsawo na PacBio ko Oxford Nanopore sun kashe wannan magana, tunda guntu ɗaya kan haye tagwayen duka. Haka ne, amma ɗimbin bayanan da aka riga aka tara gajeru ne, kuma da su ake nazari. Saboda haka rahoton da ya ce ba a ga gogewa a HBA ba, sai a tambayi inda aka ƙirga da abin da aka tace. Idan sakamakon zai shafi shawarar da za a ba iyali, a tabbatar da shi da MLPA ko gwajin PCR mai haye mahaɗar.