Yadda ake ƙiyasta kuɗin da kasuwanci zai nema daga waje

Hasashen kuɗi bisa kason ciniki hanya ce ta tsara lissafin shekara mai zuwa tun kafin ta kama. Tushenta shi ne cewa idan ciniki ya ƙaru, hajar da ke ajiye, bashin da ake bin masu saye da kuɗin juyawa duk za su ƙaru daidai gwargwado. Giɓin da ribar kasuwancin ba za ta cike ba ana fitar da shi da wannan ƙa'ida:

```
EFN = (A/S × ΔS) − (L/S × ΔS) − (PM × S1 × b)
```

A ita ce kadarar da ke tafiya da ciniki, L kuma bashin da ke taruwa da kansa, kamar kayan da aka karɓa ba a biya ba tukuna. Rancen banki ba ya cikin L, domin shi ne abin da ake lissafin nema. S cinikin bana ne, S1 na baɗi, ΔS bambancinsu, PM kason riba, b kuma abin da ake mayarwa cikin jari daga ribar.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, mai sayen gero da gyaɗa yana kaiwa kasuwar Dawanau a Kano. Cinikinsa na bana naira miliyan 40 ne, kadararsa miliyan 24, wato kashi 60 cikin ɗari, bashin da manoma ke binsa miliyan 4, wato kashi 10. Ribarsa kashi 5 ce, yana mayar da kashi 60 nata cikin jari, sauran na hidimar gida.

Idan yana sa ran cinikin miliyan 50 baɗi, ƙarin miliyan 10 ke nan, wanda zai buƙaci ƙarin kadara ta miliyan 6. Bashin manoma zai ɗauke miliyan 1. Riba za ta kai miliyan 2.5, a mayar da miliyan 1.5. Saura miliyan 3.5, kuma sai dai ya nemo su wajen banki ko abokin tarayya.

Da waɗannan alƙaluma, jarinsa ba zai iya ɗaukar ƙarin ciniki fiye da kimanin kashi 6 ba tare da kuɗin waje ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, don haka ko bai ƙara buhu ɗaya ba, tsadar kaya kaɗai za ta buɗe masa giɓi.

Inda ƙa'idar ta fi yaudarar mai hatsi shi ne lokacin da aka ƙirga kadara. Da kaka sito cike yake, da damina kusan wayam. Wanda ya ɗauki A a watan Agusta zai ga giɓi ƙarami, kuɗi su yanke masa a Nuwamba. Haka kuma sito ko mota ba a sayen rubu'insu: in akwai sauran wuri a cire su daga A, in babu a saka cikakken farashin sabon.